Rubutun da ke ƙasan hoton tambari, da yadda yake kawo wa mai zane kwastoma

Yawancin masu zanen tambari da ke cin gashin kansu ba su da shago. Ba su da allon sanarwa a bakin titi, ba su da yaron da zai tare masu wucewa. Abin da suke da shi shi ne kwamfuta, da waya, da shafi a Instagram ko Facebook, sai kuma sitatus na WhatsApp. Idan mai zane ya gama aikin wani, ya ɗora hoton tambarin a shafinsa, to ya yi irin abin da tela yake yi idan ya rataye rigar da ya gama ɗinkawa a ƙofar shago. Sai dai tela yana zaune a wurin, wanda rigar ta burge zai leƙo ya tambaya. Mai zane kuwa ba ya nan lokacin da ake kallon aikinsa. Ƴan layukan da ya rubuta a ƙasan hoton su ne za su yi magana a madadinsa.

A nan ne da yawa suke faɗuwa. Mutum zai shafe mako biyu yana gyara lanƙwasar harafi ɗaya, amma rubutun da zai raka aikin sai ya yi shi cikin minti ɗaya yana tafe a Keke Napep. Duk wanda ke bibiyar shafukan masu zane a Kano ko Kaduna ko Jos ya san irin rubutun, domin kusan iri ɗaya ne: "Alhamdu lillahi, wani aikin ya sake kammala. Muna godiya ga Hajiya da ta amince da mu. Inganci shi ne takenmu. A tuntuɓe mu." Sai alamun wuta guda uku, sai jerin kalmomi masu alamar # har ƙasan allo.

Babu ƙarya a cikin wannan rubutu, godiya ga Allah da ga mai aiki kuma tarbiyya ce mai kyau. Matsalarsa ita ce za a iya cire shi a liƙa a ƙasan hoton kek, ko na gado, ko na gidan da aka yi wa fenti, ba tare da an sauya kalma ɗaya ba. Wanda ya karanta bai san wace irin sana'a Hajiya take yi ba, bai san me ya kai ta neman tambari ba, bai san abin da aka damƙa mata ba, bai kuma san ta ina zai fara ba idan shi ma yana so. Waɗanda za su amsa su ne ƴan uwa da abokan sana'a, su rubuta "Masha Allah" da "Allah ya ƙara basira". Addu'a ce mai daɗi, amma ba ta cikin abin da ake biyan kuɗin data da shi.

Wanda ake rubuta wa

Kafin a rubuta kalma ɗaya, sai an yanke shawarar wa ake yi wa magana. Mai aikin da aka gama ta riga ta biya, ta karɓi kayanta. Abokan sana'a ba za su saya ba. Wanda ya rage shi ne mutumin da ba a sani ba tukuna: mai sayar da turaren wuta da ta fara zuba shi a kwalabe, mai kilishin da yake son shigar da kayansa manyan kantuna, mai makarantar da ke shirin ɗinka wa ɗalibai bajo. Irin wannan mutum ba ya auna tambari da ma'aunin masu zane. Yana kallon hoton ne yana tambayar kansa ko wannan yaron zai gane irin damuwarsa, ko zai gama a kan lokaci, ko kuma kuɗin zai fi ƙarfinsa.

Hoto ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hoto yana nuna kyau ne kawai. Don haka aikin rubutun shi ne ya faɗi abin da ido ba zai gani ba. Idan tambarin ja ne da ruwan ƙasa, babu amfanin a rubuta cewa ja ne da ruwan ƙasa, mai karatu ba makaho ba ne. Abin da bai sani ba shi ne dalilin da ya sa launukan suka tsaya a biyu.

Aikin mai yaji

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata baiwar Allah a Kano tana daka yaji, na tafarnuwa da na daddawa, tana zubawa a ƙananan robobi tana sayarwa ta WhatsApp da kuma wasu shaguna. Tana da tambarin da wani ɗan uwa ya haɗa mata a waya: hoton barkono na gaske, da tukunya, da ganye, da sunanta a rubuce cikin siraran haruffa masu lanƙwasa, ga launuka kusan bakwai. A allon waya ba laifi. Amma murfin robarta faɗinsa bai wuce santimita 4 ba. Da aka buga sitika aka liƙa, sai sunan ya dunƙule, barkonon ya zama jan tabo kawai. Da ta je a buga mata a jikin leda, mai bugawa ya ce kowane launi da kuɗinsa, domin a irin wannan bugun kowane launi sai an yi masa nasa allon. Da ta nemi a yi mata hatimi na buga rasit, aka ce mata wannan hoton ba zai fito ba.

Mai zane ya karɓi aikin. Ya zubar da hoton barkono, ya zana turmi da taɓarya da layuka masu kauri, ya bar launi biyu. Sunan kasuwancin yana da harafin ƙ, kuma salon rubutun da ya zaɓa ba shi da wannan harafi, kamar yadda da yawa daga cikin salon rubutun kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Maimakon ya bari a rubuta k kawai ma'anar sunan ta sauya, sai ya zana ƙugiyar da hannunsa ta dace da sauran haruffan. Ya buga tambarin a takarda a faɗin santimita 2 ya ga ana karantawa, ya gwada shi da baƙi zalla saboda hatimi, ya kuma saka shi cikin da'irar hoton WhatsApp ya tabbatar gefensa bai yanke ba. Daga nan ya miƙa mata fayiloli.

Duk wannan labarin yana kan mai zane, amma ko kaɗan bai fito a cikin "wani aikin ya sake kammala" ba. Ga yadda rubutun zai iya kasancewa idan an yi shi don kwastoma na gaba:

"Sunanta ba ya karantuwa a murfin robar yaji. Yanzu ana karanta shi ko da an ƙanƙanta shi zuwa santimita 2.

Wannan sabon tambari ne da na yi wa wata mai sana'ar yaji a Kano. Tsohon yana da launi bakwai da siraran haruffa, ba ya fitowa a sitika, bugunsa a leda kuma yana da tsada. Na mayar da shi launi biyu, da turmi da taɓarya, na kuma zana harafin ƙ da hannu don kada sunan ya sauya. A hoto na uku za ku ga shi a jikin robar, bayan an buga.

Ta karɓi fayil na masu bugawa, da na saka wa a waya, da na baƙi zalla don hatimi. Aikin ya ɗauki kwana 12, da gyara sau biyu.

Ina da gurbin aiki biyu a wannan watan. Idan kina sayar da abinci ko turare a roba ko kwalba, turo min hoton kayanki da sunan kasuwancinki ta WhatsApp, lambar tana saman shafina. Zan faɗa miki abin da zai yiwu da kuɗinsa kafin ki biya komai."

Rubutun bai kai kalma 170 ba, kuma babu kalmar "inganci" a ciki. Amma duk mai sana'ar da sitikarta ta taɓa dunƙulewa za ta tsaya, domin damuwarta aka ambata.

Layin farko ne ya fi cin wahala, kuma akwai dalili. Instagram yana ba da damar rubuta haruffa har 2,200 a ƙasan hoto, amma ba ya nuna su duka. Abin da ke fitowa shi ne kimanin haruffa 125 na farko, wani lokaci ƙasa da haka gwargwadon wayar, sai ya yanke ya saka kalmar more, wadda sai an taɓa sauran zai buɗe. Facebook ma yana yanke dogon rubutu. Mutumin da ke zazzaga waya da babban yatsa ba zai taɓa ba sai abin da ya gani ya riƙe shi. Idan aka cika wannan ɗan gurbi da sallama da godiya da kirarin kai, an kashe shi. Shi ya sa a misalin nan aka fara da matsalar da maganinta, aka bar sauran bayani a baya. Godiya ga mai aiki tana da wurinta, a tsakiya ko a ƙarshe, kuma ba ta rage daraja don ta zo a can.

Sai batun dalilan zane. Nan akwai wata cuta da ta kama masu zane da yawa, ta ƙirƙiro wa kowane layi falsafa bayan an gama aiki. Za ka karanta cewa da'irar tana nufin haɗin kai, shuɗi yana nufin amana, lanƙwasar nan kuma tana nuna tafiyar kamfani zuwa gaba. A ganina wannan surutu ne, kuma ɗan kasuwa yana gane shi daga nesa. Dalilin da ke shiga kunnensa shi ne wanda ya taɓa aljihunsa ko ya cire masa kunya: launi biyu saboda bugu ya yi sauƙi, haruffa masu kauri saboda a karanta daga nesa, babu hoton mutum ko dabba saboda mai makarantar Islamiyya bai so. Dalili ɗaya ko biyu irin waɗannan sun isa. Idan mai zane ya duba ya ga ba shi da irin wannan dalili ko ɗaya, to matsalar ta aikin ce tun kafin a zo kan rubutu.

Me aka miƙa

Layin da ke faɗin abin da mai aiki ta karɓa gajere ne, amma shi ne yake raba ƙwararre da mai haɗa hoto a waya. Yawancin ƙananan ƴan kasuwa ba su san tambari yana zuwa a fayil iri-iri ba sai ranar da suka je wurin mai buga allo. Su miƙa masa hoton da aka turo musu ta WhatsApp, ya buɗe, ya ja shi ya kai girman allo, sai ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai. Dalili kuwa shi ne fayil irin JPG da PNG ɗigo-ɗigo ne masu adadi, idan aka ja su sai ɗigon ya bayyana, ga shi WhatsApp yana matse hoto idan ba a tura shi a matsayin takarda ba. Fayil irin SVG, AI, EPS ko CDR kuwa layuka ne da kwamfuta ke sake lissafawa a kowane girma, ko a kan katin kasuwanci ko a jikin mota ba ya lalacewa. Masu bugawa da yawa a Najeriya da CorelDRAW suke aiki, shi ya sa ba abin mamaki ba ne su nemi CDR ko PDF.

Ba sai an zuba duk waɗannan sunaye a cikin rubutun ba. Mai yaji ba ta damu da EPS ba. A faɗa mata da harshen amfani, wato na masu bugawa, na saka wa a waya wanda ba shi da farin bango, na hatimi. Idan kwastomomin da ake nema kamfanoni ne masu ma'aikatan talla, to a nan sunayen fayil suna da amfani, domin su da su suke tambaya.

Haka ma ambaton kwanaki da yawan gyara. "Kwana 12, gyara sau biyu" yana gaya wa mai karatu cewa wannan mutumin yana da tsari, yana kuma yi masa gargaɗi cikin ladabi cewa ba za a yi ta sauyi har abada ba. Duk mai zane ya san kwastoman da zai amince da aiki da rana, da dare ya nuna wa maigida ko ƙawa, gari ya waye ya dawo da sabon ra'ayi. Wanda ya karanta ƙa'idar tun a ƙasan hoto, ya zo da saninta.

Gayyata, da rigimar farashi

Ƙarshen rubutun shi ne gayyata, kuma "a tuntuɓe mu" ba gayyata ba ce mai ƙarfi. Ta ina? A ce me? Mutum yana jin nauyin buɗe hira da baƙo ba tare da ya san abin da zai fara faɗa ba, musamman idan yana tsoron kada kuɗin ya fi ƙarfinsa ya ji kunya. Gayyatar da ke aiki tana ba shi abu ɗaya ƙarami da zai yi: turo hoton kayanka da sunan kasuwancinka. Hanya ɗaya kuma, kada a jera lambar waya biyu da imel da shafuka uku.

Akwai wani abu da ke ba sababbi mamaki. Adireshin intanet da aka rubuta a ƙasan hoto a Instagram ba ya taɓuwa, rubutu ne kawai. Dole a saka shi a saman shafi, wurin bayanin mai shafin, sannan a ce wa mai karatu ya duba can. A Facebook kuwa yana taɓuwa kai tsaye. Adireshin da ke buɗe hirar WhatsApp ana haɗa shi da lambar ƙasa, 234 ga Najeriya ko 227 ga Nijar, ba tare da alamar tarawa ba, kuma a cire sifirin da ke farkon lambar Najeriya. Ana iya ƙara masa saƙon da zai fito a rubuce, mutum ya aika kawai:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Ina%20son%20tambari
```

Alamar %20 tana tsayawa ne a gurbin tazara tsakanin kalmomi. A gwada shi daga wayar wani kafin a saka. Lamba ɗaya da ta ɓace tana iya sa mutum ya zauna wata guda yana zargin kasuwa.

Sai farashi, wanda masu zane ba su taɓa haɗuwa a kansa ba. Wasu suna cewa ba a rubuta shi a fili, domin aikin mai yaji da na kamfanin gine-gine ba ɗaya ba ne, kuma abokin sana'a zai gani ya karya kasuwa. Hujja ce mai ƙarfi. Amma wanda ya ɓoye farashi gaba ɗaya yana biya da lokacinsa, zai wuni yana amsa "nawa ne?" daga mutanen da da zarar sun ji kuɗin ba za su sake magana ba. Ya kuma rasa masu kunya da ba su tambaya ba sam. Ni dai na fi karkata ga a rubuta mafi ƙarancin abin da ake karɓa, a ce aikin tambari yana farawa daga kaza, sauran ya danganta da abin da ake buƙata. A haɗa da sunan wata da shekara, saboda hoton zai daɗe a shafi, darajar kuɗi kuwa ba ta zama wuri ɗaya, kada wani ya tono tsohon rubutu baɗi ya ce ai kai ka faɗa. Wanda bai son rubuta lamba, aƙalla ya yi abin da misalinmu ya yi, ya tabbatar wa mutum cewa zai ji farashi kafin ya biya ko sisi. Idan ƙa'idarsa ita ce a ba da rabin kuɗi kafin a fara, nan ne wurin faɗa.

Maganar "gurbi biyu a wannan watan" tana zaburar da mai jinkiri, amma sai idan gaskiya ce. Wanda ke rubuta haka kowane mako, masu bibiyarsa za su gane, kuma daga ranar sun daina yarda da sauran abin da yake faɗa.

Kafin a danna

Tambarin da aka gama na mai shi ne a idon jama'a, ko da hannun mai zane ne ya yi. Saboda haka ana neman izini kafin a ɗora, kuma ya fi kyau a rubuce, ko da saƙo ne na layi ɗaya: "Hajiya, ina son in nuna aikinki a shafina ranar Asabar, ga abin da zan rubuta, ko akwai abin da za a cire?" Dalilai biyu ne. Na farko, wataƙila ba ta fito da sabon kayan kasuwa ba tukuna, tana jiran sitika ko lambar NAFDAC, kai kuma ka riga ka nuna wa masu gasa da ita. Na biyu, rubutu irin wanda muka yi yana faɗin aibin tsohon tambarinta, wanda wataƙila ƙaninta ne ya yi. A bar ta ta gani tukuna. Kuma a lura, a misalin an faɗi abin da tsohon ya kasa yi, ba a zagi wanda ya zana shi ba. Idan ta amince, Instagram yana da hanyar gayyatar wani shafi a yi tarayya a hoto ɗaya, ya fito a shafukan biyu. Wannan ya fi kowace alamar # amfani, domin masu bibiyar mai yaji akwai ƴan uwanta masu sana'a a ciki, su ne kuma ake nema.

A yi hattara da da'awar da ba za a iya karewa ba. "Cinikinta ya ninka bayan sabon tambari" magana ce mai daɗi, amma mai zane bai ga littafin cinikinta ba, kuma ko ya ninka ɗin, wa ya san ko azumi ne ya kawo? Idan ita ta faɗi haka da bakinta, a kawo maganarta yadda take, da izininta. Idan hoton saƙonta za a saka, a rufe lambarta da hotonta.

Haka ma kalmar rajista. Mutane da yawa suna zaton rajistar sunan kasuwanci a CAC ta kare tambari, alhali ba haka ba ne. Rajistar alamar kasuwanci a Najeriya wani ofishi ne dabam yake yin ta, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. A Nijar da Kamaru da Chadi kuwa ta hannun ƙungiyar OAPI ake yi, mai hedikwata a Yawunde. Mai zane ba ya ba da wannan kariya, don haka kada ya manna alamar ® a jikin tambari don ado, kada kuma rubutunsa ya sa mutum ya ɗauka ya saya har da rajista.

Sai hotunan kwaikwayo. Akwai shirye-shiryen hotuna da ake saka tambari a ciki ya fito kamar an kafa shi da zinare a bangon katafaren ofis, ko a jikin jaka mai tsada. Kowa yana amfani da su, ba laifi ba ne, amma idan babu wannan bangon a duniya sai a faɗa a rubutun cewa gwaji ne na yadda zai fito. In ba haka ba, kwastoma na gaba zai zo yana tsammanin allon zinare a cikin kuɗin tambari. Hoton robar yaji na gaske a kan tebur, wanda aka ɗauka da waya a hasken rana, ya fi bangon da babu shi gamsar da mai sana'a. Wanda bai samu kwastoma ba tukuna ya zana wa kansa aikin gwaji, shi ma ya rubuta cewa na gwaji ne. Ranar da aka nemi lambar mai kamfanin don a ji ta bakinsa, ƙarya za ta ƙare.

Harshe da wurin ɗorawa

Da wane harshe za a rubuta? Da wanda kwastoman ke ciniki da shi. Mai neman ƴan kasuwar Kantin Kwari ko Singa ko mata masu sana'a a gida, Hausa ce za ta kai shi. Mai neman kamfanonin Abuja zai buƙaci Turanci, na Yamai ko Maraɗi kuma wataƙila Faransanci. Idan za a haɗa biyu, a gama ɗaya sannan a kawo ɗayan a ƙasa, a kuma tuna cewa wanda aka fara da shi ne kaɗai zai fito kafin a yanke. Mai rubuta Hausa ya saka ƙugiyoyin haruffa daidai. Abin kunya ne mutum ya yi alfahari da zana ƙ da hannu sannan rubutunsa ya zo babu ita. A kuma guji haruffan ƙawa masu kama da rubutun katin biki da ake kwafowa daga wasu manhajoji, domin wasu wayoyi ba sa nuna su, kuma idan aka nemi kalmar a wurin bincike ba lalle ta fito ba. Alamun # kaɗan sun isa, uku zuwa biyar, masu sunan gari da nau'in sana'a.

Sitatus na WhatsApp dokarsa dabam ce. Yana ɓacewa bayan awa 24, kuma doguwar magana tana rufe hoton. A nan sai a raba labarin: hoton tsohon tambari da layi ɗaya, na sabo da layi ɗaya, na robar da aka liƙa wa sitika, sai na ƙarshe mai gayyata. Masu ganin sitatus sun riga sun mallaki lambarka, saboda haka abin da ake roƙonsu shi ne su tura wa wanda suka san yana buƙata.

Yadda ake gane ya yi aiki

Yawan masu danna alamar so ba ma'auni ba ne, domin abokan sana'a ne suka fi dannawa. Abin dubawa shi ne irin saƙon da ke shigowa. Idan babu saƙo sam amma yabo ya yi yawa, to rubutun ya yi magana da masu zane ne, ko kuma gayyatar ba ta fito fili ba. Idan saƙonnin duk "nawa ne?" ne sannan shiru, to ba a nuna abin da kuɗin ke saya ba, ko ba a faɗi inda farashi ya fara ba. Idan masu zuwa suna neman katin biki da fosta, alhali tambari ake son yi, to ba a ambaci wanda ake nema ba. Idan kuwa saƙo ya zo da hoton kwalba da cewa "nawa ma haka yake yi idan an buga", rubutun ya isa inda aka aike shi.

Shafin kasuwanci a Instagram yana nuna adadin waɗanda suka adana hoto, da waɗanda suka tura wa wani, da waɗanda suka leƙa shafin daga gare shi. Waɗannan ukun sun fi kusa da ciniki. Kuma duk wanda ya turo saƙo a tambaye shi a ina ya ga aikin, a rubuta amsar a littafi, bayan wata biyu ko uku za a ga wane irin rubutu ne ke kawo mutane. Instagram da Facebook suna barin a gyara rubutu bayan an ɗora, saboda haka tsofaffin ayyukan da ke shafi da "wani aikin ya sake kammala" a ƙasansu ana iya komawa a sake musu rubutu ɗaya bayan ɗaya, a fara da waɗanda suka fi kama da irin aikin da ake son samu nan gaba.